Na ƙara wa netwok ɗina leya daga 20 zuwa 56, sai ya ƙara taɓarɓarewa. Ina matsalar take?

Rukayya_FarinGada:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimako kan furojet ɗina na ajin ƙarshe, don kwana huɗu ke nan abin ya hana ni barci. Ina horar da netwok mai tantance hotuna da PyTorch a kan CIFAR-10, wato hotunan nan ƙanana 50,000 na horarwa da 10,000 na gwaji, masu rukuni goma. Na fara da leya 20, tsarin kuwa ba wani abin mamaki a ciki: `Conv2d`, sai `BatchNorm2d`, sai `ReLU`, a maimaita har ƙarshe. Ya yi aiki daidai gwargwado. Sai na ce bari in ƙara zurfi ko sakamakon zai ƙara kyau, na mayar da shi leya 56, ban taɓa komai ba ban da wannan. Bayan zagaye 60, mai leya 20 ya sauko da `loss`, wato ma'aunin kuskurensa, zuwa wajen 0.3, shi kuwa mai 56 ya maƙale a wajen 0.6, kuma a gwaji ma ƙaramin ya doke shi. Na sake kunnawa sau uku, duk labari ɗaya. Yaya za a ce babba ya kasa abin da ƙarami ya iya? Ko dai akwai kuskure a kod ɗina?

Bala_Terminus:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwana biyun nan netwok ba shi da kyau a Farin Gada gaba ɗaya, har wajen Bauchi Road mutane na kuka. Idan aikin naki ta intanet kike yinsa, gwada canza layi, ko ki bari sai bayan sha biyun dare.

Rukayya_FarinGada:
Na gode Yaya Bala, amma ba netwok na waya nake nufi ba. Wannan wani tsarin lissafi ne da ake koya wa kwamfuta gane hoto da shi.

Sadiq_Rikkos:
Wannan ai hadda ce kawai. Kin ba shi ƙwaƙwalwa ta yi masa yawa, sai ya haddace hotunan horarwa maimakon ya fahimce su, da aka kawo masa sababbi ya ruɗe. Ki sa `Dropout`, ki ƙara juya hotunan da yanka su, zai daidaita. Ya taɓa faruwa da ni.

Ummi_Lissafi:
Sadiq, sake karanta abin da ta rubuta. Rukayya, wannan 0.6 ɗin na hotunan horarwa ne ko na gwaji?

Rukayya_FarinGada:
Na horarwa ne, Anti Ummi. Shi ne ma ya fi ɗaure min kai.

Ummi_Lissafi:
To ka ji, Sadiq. Ɗalibin da ya yi hadda, idan aka yi masa tambayoyin da ya haddace, cinye su yake yi tas, a sababbin tambayoyi ne asirinsa ke tonuwa. Wannan kuwa ko a tambayoyin da ya gani sau 60 ya kasa kamo ƙaninsa. Wanda bai iya karatun ba ma, ba a zarge shi da hadda. Idan ta sa `Dropout` yanzu, ƙara masa wahala za ta yi.

Sadiq_Rikkos:
Gaskiya ne, ban lura ba. Na ɗauka na gwaji take magana.

Malam_Dauda_Abuja:
Rukayya, kwantar da hankalinki, mai yiwuwa kod ɗinki lafiyarsa ƙalau. Abin da kika gani shi ne ainihin abin da Kaiming He da abokan aikinsa uku a Microsoft Research suka nuna a hoton farko na takardar da suka fitar a Disamban 2015, wadda ta kawo ResNet. CIFAR-10 ɗin ne, leya 20 da leya 56 ɗin ne, kuma mai 56 ya fi yin kuskure a horarwa da gwaji duka. Sun ga irinsa a ImageNet tsakanin leya 18 da 34.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan. A lissafi, mai leya 56 bai kamata ya gaza mai 20 a hotunan horarwa ba. Dalili: ɗauko netwok ɗinki na 20 da ya gama koyo, ki kwafe lambobinsa cikin babban, sauran leya 36 kuma ki saita su yadda duk abin da aka miƙa musu za su miƙa shi gaba yadda yake, ba ragi ba ƙari. Kin ga kin samu netwok mai leya 56 da ke ba da amsa iri ɗaya da na 20, `loss` ɗinsa 0.3 cif. Ke nan amsar tana nan a cikinsa. SGD, hanyar da ke gyara lambobin taki-taki, shi ne ya kasa lalubo ta a lokacin da kika ba shi. Don haka ciwon na hanyar koyo ne, ƙarfin netwok ɗin bai gaza ba.

Rukayya_FarinGada:
Malam, na gane wannan. Amma miƙa abu yadda yake ai shi ne aiki mafi sauƙi a duniya. Me zai sa leya ta kasa koyon zama ba ta yi komai ba?

Malam_Dauda_Abuja:
A wurinki ne yake da sauƙi. Duba leya ɗaya ta kashin farko na netwok ɗinki: canel 16 na shiga, 16 na fita, tagar 3×3. Lambobin da ke cikinta 16 × 16 × 9 ne, wato 2,304. Kafin ta miƙa hoto yadda yake, sai 16 daga cikinsu, waɗanda ke tsakiyar taga kuma suka haɗa kowane canel da kansa, sun zama 1, sauran 2,288 sun zama sifili. Sannan `BatchNorm2d` da ke biye da ita sai ya warware daidaitawar da ya yi da hannunsa. Ke kuma da lambobin cacanki-cacanka kika fara horon, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Daga can zuwa wannan tsari na musamman tafiya ce mai nisa, kuma leya 36 ne za su yi ta lokaci guda, alhali kowace tana tsaye ne a kan abin da ta ƙasanta ke canzawa a kowane taki.

Sadiq_Rikkos:
To ashe maganar ɓacewar giradiyen ce da aka koya mana. Saƙon gyara yana tasowa daga leyar ƙarshe ya koma baya, a kowace leya a ninka shi da wani abu. In abin 0.9 ne, bayan leya 20 saura 0.12, bayan leya 56 saura kamar 0.003. Leyoyin farko ba su jin komai, sai su zauna yadda aka haife su. Kamar hotokwafin handawut ne da aka yi daga wani hotokwafin, wanda shi ma daga wani aka yi shi. Kafin ya iso hannun 'yan bayan aji ba a iya karanta rubutun.

Ummi_Lissafi:
Lissafinka daidai ne Sadiq, kuma yana juyawa ɗaya ɓangaren ma: in abin ninkin 1.1 ne, bayan leya 56 saƙon ya kumbura ya haura ninki 200. Amma ban yarda shi ne ciwon Rukayya ba, saboda tana da `BatchNorm2d` bayan kowace leya. Netwok ɗin da giradiyen ya ɓace masa yana da alamarsa. Na taɓa gina mai zurfi ba tare da shi ba, `loss` ya tsaya a 2.30 ya ƙi motsi ko kaɗan. Wannan lambar ln(10) ce, abin da ake samu idan netwok yana canke ne kawai tsakanin rukuni goma. Nata kuwa ya sauko har 0.6. Yana koyo, jan ƙafa yake yi.

Malam_Dauda_Abuja:
Hajiya Ummi ta yi gaskiya, kuma su He ma a takardar sun ce ba sa ganin ɓacewar giradiyen ce, don sun duba girmansa sun tarar lafiya lau. Amma kada mu tsaya a ka ce na ce. Rukayya, sabunta netwok ɗin mai 56, ki ba shi dunƙule ɗaya na hotuna, bayan `loss.backward()` ki liƙa wannan, ki gaya mana abin da ya fito.

```python
for name, p in model.named_parameters():
    if "conv" in name:
        print(name, p.grad.norm().item())
```

Danjuma_Bokkos:
Kafin ta dawo bari in sako tawa. Ina da hotunan ganyen dankalin turawa da na ɗauka da waya a gonakinmu, kusan 900, masu ciwo da masu lafiya. Na horar da ResNet-50 daga farko, a horarwa yana cin kusan duka, amma da na je gonar ƙanin babana na ɗauki sababbi sai ya riƙa kiran mai lafiya mai ciwo. Ciwonmu ɗaya da Rukayya ko? Nawa ai ResNet ne, yana da maganin da su He suka kawo.

Sadiq_Rikkos:
To wannan dai hadda ce, ko Anti Ummi za ta sake kama ni?

Ummi_Lissafi:
A nan kam ka dace. Danjuma, naka kishiyar nata ne. Hoto 900 sun yi kaɗan ga netwok mai lambobi sama da miliyan 20 da aka fara daga sifili. Ɗauki `resnet18` da aka riga aka horar a ImageNet, ka canza leyar ƙarshe, ka horar da ita. Kuma ka raba hotunan gwaji gona-gona. Idan hotunan gona ɗaya da ka ɗauka rana ɗaya suka shiga horarwa da gwaji duka, launin ƙasar wurin da hasken ranar zai haddace, ya bar ganyen.

Danjuma_Bokkos:
Wallahi haka na yi, haɗe su na yi na gauraya. Yawancin masu ciwon ma da yamma na ɗauke su a gona ɗaya. Na gode Anti.

Rukayya_FarinGada:
Na dawo, wuta ce aka ɗauke sai da na je shagon caji. Malam, abin ya ba ni mamaki. Na zaci zan ga 0.0000 a leyoyin farko, sai na ga su ne ma suka fi girma, sun ninka na leyoyin ƙarshe sau da yawa, lambobin suna raguwa ne yayin da ake matsowa ƙarshe.

Malam_Dauda_Abuja:
Madalla, abin da nake tsammani ke nan. An yi bincike bayan 2015 da ya nuna cewa a netwok mai zurfi marar yanke, wato hanyar gefen da zan nuna miki yanzu, mai `BatchNorm`, giradiyen a farkon horo kumbura yake yi yayin da yake komawa baya. Wani binciken kuma na 2017 ya nuna cewa yayin da zurfi ke ƙaruwa, giradiyen yana rasa tsari, ya koma kamar hayaniya: hotuna biyu masu kama da juna sai su ja leyar farko zuwa fuskoki mabambanta. Saƙon yana isowa da ƙarfi, amma ba shi da alƙibla. Kamar ka tsaya a tashar mota 'yan kamasho goma suna kiranka lokaci ɗaya, ana jin muryar kowa sarai, amma ba ka fahimci inda za ka nufa ba.

Yanzu ga maganin. Ki raba leyoyinki bibbiyu, kowane biyu bulok ɗaya. Maimakon bulok ya fitar da F(x) kaɗai, ki ɗauko x ɗin da ya shigo, ki zagayo da shi ta gefe, ki tara a kan abin da ya fito: y = F(x) + x. Layi ɗaya ne zai canza.

```python
def forward(self, x):
    out = F.relu(self.bn1(self.conv1(x)))
    out = self.bn2(self.conv2(out))
    return F.relu(out + x)
```

Ki lura da abin da ya faru da tambayarki ta ɗazu. Da, zama ba ka yi komai ba yana buƙatar lambobi 2,304 su jeru a tsari na musamman. Yanzu in F(x) ya zama sifili, shi ke nan, x ya wuce abinsa. Bulok ɗin ba ya sake ƙera hoton daga farko, ciko kawai yake koyo, ɗan abin da ya rage a gyara. Tela ne da aka kai wa riga ɗinkakkiya ya rage hannu, ba a ce ya warware ta ya sake ɗinkawa ba. In bai ga abin gyara ba, ya mayar da ita yadda aka kawo.

Ummi_Lissafi:
Bari in ƙara ɓangaren komawa baya, don Sadiq ya ga inda lissafinsa ya shiga. In y = x + F(x), to dy/dx = 1 + F'(x). A tsohon tsari ana ninka F' da F' da F' har sau hamsin da wani abu, leya ɗaya ta lalata saƙon, kowa na bayanta ya gaji lalacewar. Yanzu abin da ake ninkawa (1 + F') ne. Ka buɗe bakan biyu kawai ka gani: (1 + a)(1 + b) = 1 + a + b + ab. Wannan 1 ɗin na farko hanya ce da saƙon ya bi bai ratsa leya ko ɗaya ba, a da b kuma hanyoyi ne da suka ratsa bulok ɗaya tak. Tsohon netwok ab kaɗai yake da shi, hanya mafi tsawo.

Sadiq_Rikkos:
To ai kun dawo kan maganata ke nan. In amfaninsa shi ne giradiyen ya samu hanya, ashe giradiyen ɗin ne matsalar tun farko.

Ummi_Lissafi:
Giradiyen ne, amma kai cewa ka yi ya ɓace, ita kuma ta auna ta ga bai ɓace ba.

Sadiq_Rikkos:
A taki na farko ta auna. Wa ya san yadda yake a zagaye na 30? Ni dai ban sauka daga nan ba sai na ga an auna a tsakiyar horo.

Rukayya_FarinGada:
Ku dakata min, na saka `out + x` ya fashe:

```
RuntimeError: The size of tensor a (16) must match the size of tensor b (32) at non-singleton dimension 3
```

Hafsat_Bukuru:
Wannan ya same ni bara. A bulok na farko na kashi na biyu ne, inda kika sa `stride=2`. Hoton ya ragu daga 32×32 zuwa 16×16, canel kuma suka tashi daga 16 zuwa 32, shi kuwa x yana nan da tsohon girmansa, ba yadda za a tara su. Wuri biyu ne kawai hakan ke faruwa a netwok ɗinki, nan da kuma inda ake tashi daga 32 zuwa 64. A waɗannan biyun ki sa wa hanyar gefen ƙaramar leya. Ga ta wurin farko, a na biyun ki mayar da 16 ya zama 32, kowane 32 kuma ya zama 64:

```python
self.shortcut = nn.Sequential(
    nn.Conv2d(16, 32, 1, stride=2, bias=False),
    nn.BatchNorm2d(32))
```

Sauran bulok 25 ki sa `nn.Identity()`, sai layin ƙarshe ya koma `out + self.shortcut(x)`. Kada ki ce bari ki sa wa kowane bulok irin wannan leyar don kod ya yi kyan gani. Ni na yi haka, na ƙara lambobi a banza, kuma na cika hanyar da ake so ta zama fayau da shingaye.

Malam_Dauda_Abuja:
Haka ne Hafsat. A gwajin CIFAR-10 na asali ma ba su sa wannan leyar ba, cike gurbin canel ɗin da suka ƙaru suka yi da sifili, don kada yanken ya ƙara ko lamba ɗaya. Shi ya sa kwatancen ya yi ƙarfi: netwok biyu, lambobi daidai wa daida, bambancinsu alamar tarawa. Da yanke, mai leya 20 ya yi kuskuren kashi 8.75 cikin ɗari a gwaji, mai 56 ya yi 6.97. Zurfin da yake cutarwa ya koma yana amfani.

Bala_Terminus:
Ni dai yanzu na ɗan fahimta. Kamar jamfa ce da muke yi a allon waya, in layi ya mutu a tsakiya mu ɗauko siririyar waya mu tsallake shi. To tunda haka ne me zai hana a yi leya dubu goma a huta?

Malam_Dauda_Abuja:
Misalinka ya kusa, Malam Bala, sai dai a nan ba a kashe tsohon layin, duka biyun suna aiki a haɗa abin da suka kawo. Batun dubu kuwa, sun gwada. A wannan takardar akwai mai leya 1,202. Ya koyi hotunan horarwa kusan ba kuskure, abin da ke nuna wahalar koyon ta kau, amma a gwaji ya yi kashi 7.93, mai leya 110 ya fi shi. Su da kansu hadda suka zarga. Kuma ko mai 110 ɗin sai da suka fara masa da `lr`, wato girman takin gyara, na 0.01 na ɗan lokaci kafin su ɗaga zuwa 0.1, saboda da aka fara masa da 0.1 ya yi jinkirin tashi. A 2016 suka sake duba bulok ɗin, suka ga `ReLU` ɗin nan da ke bayan tarawa shi ma shinge ne a kan hanyar x, suka mayar da `BatchNorm` da `ReLU` gaban kowace `conv`, aka bar tarawar tsirara. Da wannan tsarin ne mai leya 1,001 ya yi kyau. A leya 56 ba sai Rukayya ta damu da wannan ba.

Ummi_Lissafi:
Malam, akwai inda ban gamsu ba a bayaninka na sama. Ka ce sauƙin shi ne F(x) ya zama sifili. Amma a farkon horo ai F(x) ba sifili ba ne, `bn2` yana fitar da shi da girma sosai, ba ɗan ciko ba ne. To ta yaya za a ce bulok ya fara a matsayin mai miƙa abu yadda yake?

Malam_Dauda_Abuja:
Kin kama ni a wuri mai kyau, Hajiya. Ba a nan yake farawa ba sai an sa shi. Shi ya sa torchvision ke da `zero_init_residual=True`, wanda ke mayar da `weight` na `BatchNorm` na ƙarshe a kowane bulok sifili, sai kowane bulok ya fara a matsayin hanya kawai, ya riƙa buɗewa a hankali. Amma ResNet yana horuwa lafiya ko ba a yi hakan ba, don haka bayanin tela shi kaɗai bai ɗauke nauyin duka ba. A ganina gajerun hanyoyin da kika nuna da bakanki sun fi ɗaukar kaso mai yawa. Wani abokin aikina a nan Abuja kuma ya dage cewa asalin abin shi ne yanke yana lallausa shimfiɗar `loss` ɗin, ramuka da tuddai su ragu. Mun sha yin wannan musun a ofis.

Rukayya_FarinGada:
Alhamdu lillahi! Ya kwana yana gudu, yanzu na duba. Da yanke, mai leya 56 ya sauko wajen 0.15 a zagaye 60 ɗin, ya wuce duk na baya, kuma tun zagaye na biyar na ga layinsa ya rabu da na tsohon. Na sa wa mai 20 ma yanken, ya ɗan gyaru amma ba sosai ba, babban ne ya canza kamar ba shi ba. Allah ya saka muku da alheri, Malam, Anti Ummi, Hafsat.

Sadiq_Rikkos:
Barka. Amma bashina yana nan. Tsohon marar yanken kin ajiye shi? Ki auna min giradiyen ɗinsa a zagaye na 30.

Hafsat_Bukuru:
In za ki sake kunnawa, ƙara da wannan. Bayan an gama horo, cire bulok ɗaya daga tsakiyar mai yanken, wanda ba ya canza girma, ki gwada shi haka. Sai ki cire leya biyu daga marar yanken ki gwada. An yi irin wannan gwajin a 2016, ResNet ya ɗan ragu kaɗan, marar yanke kuwa ya rushe ya koma canke. Zai yi kyau a babi na huɗu.

Rukayya_FarinGada:
Na ƙarshen kawai na ajiye, Sadiq, sai na sake horarwa in riƙa ajiyewa duk zagaye goma. Zan haɗa da na Hafsat in kunna daren yau in wuta ta zauna. Anti Ummi, wane bulok zan fara cirewa, na kashin 16 ko na 64?

Ummi_Lissafi:
Cire su ɗaya bayan ɗaya, duka 25 ɗin, ki rubuta sakamakon kowanne. Gwaji ne kawai ba horo ba, ba zai ci miki awa ɗaya ba. Ki turo mana teburin a nan.